Yadda ake taƙaita sanarwar tallafin bincike ta Tarayyar Turai zuwa shafi ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin malami ne a jami'a. Daraktan sashen bincike ya turo mini sanarwar wani tallafi na Horizon Europe, shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, ya ce in fitar masa da wa ya cancanta, takardun da ake haɗawa, yadda ake ba da maki da ranar rufewa, duk a shafi ɗaya. Na buɗe na tarar da takardu rututu, ban san ta inda zan fara ba. Yaya ake yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya rikita ka shi ne ka ɗauka sanarwar takarda ɗaya ce, alhali aƙalla uku ce, kuma amsar kowace tambaya ta Darakta tana warwatse a tsakaninsu. Akwai shafin maudu'in kansa a dandalin Funding & Tenders Portal, mai ɗauke da lambar maudu'in, kuɗin da aka ware da ranar rufewa. Akwai takardar ƙa'idojin bai-ɗaya da ake kira General Annexes, wadda aka kasa da haruffa: A sharuɗɗan karɓar takarda tun farko, B cancanta, D ma'aunin maki, E takardu, F matakan tantancewa. Sai kuma fom ɗin neman tallafin, wanda umarnin da ke shafukansa na farko shi ma doka ne. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: dokar bai-ɗaya tana aiki sai dai in shafin maudu'in ya keɓe wani abu, kuma in ya keɓe, nasa ne ke ci. Shi ya sa ni nakan fara da sashen da ke cewa Topic conditions and documents, in karanta shi layi-layi ina neman inda aka ce ga wani keɓantaccen sharaɗi, kafin in taɓa sauran. Mafi yawan taƙaitawar da na ga ta ɓatar da mutane, mai ita ya kwafo dokar bai-ɗaya daidai, amma bai ga layi biyun da suka soke ta ba.

Kafin ka rubuta komai, ka san amfanin shafin nan. Darakta ba ya neman labarin tallafin. Yana son ya duba cikin minti biyar ya ce a shiga ko a bari, in kuma za a shiga, wa zai yi me, yaushe. Don haka duk layin da ba zai taimaka wajen wannan hukunci ba, ka cire shi, komai daɗinsa. Kuma kowane layi ka bi shi da inda ka samo shi, wato sunan takarda da lambar shafi. Ranar da wani farfesa zai miƙe a taro ya ce shi ba haka ya sani ba, wannan lambar shafin ce za ta fitar da kai kunya.

Mu fara da cancanta, domin nan ne ake mutuwa tun kafin a karanta maka jimla ɗaya. Tambayoyi biyu ne a nan da mutane ke cakuɗawa. Ta farko, shin jami'armu za ta iya shiga ta kuma karɓi kuɗi? Ta biyu, shin gamayyar da muka haɗa, wato jami'o'i da cibiyoyin da za mu nemi tallafin tare, ta cika sharaɗi? Amsar ta farko ga jami'ar Najeriya ko Nijar ko Ghana ita ce e, domin ƙasashen suna cikin jerin ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu waɗanda hukumominsu ke da damar karɓar kuɗin kai tsaye. Sai mutum ya ga wannan ya yi murna ya rubuta "mun cancanta", ya wuce. To amma dokar gamayya ta ce dole a sami aƙalla hukumomi uku masu zaman kansu daga ƙasashe uku daban-daban, ɗaya aƙalla daga ƙasar da ke cikin Tarayyar Turai, sauran biyun daga ƙasashen Tarayyar ko ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar haɗaka da shirin. Mu ba ma cikin lissafin ukun nan. Muna zuwa ne a matsayin ƙari a kansu.

Bari in buga maka lissafi. A ce kuna da jami'arku, da wata a Ghana, da wata a Jamus, da wata a Birtaniya. Hukumomi huɗu, ƙasashe huɗu, ga shi kamar komai ya cika. Amma waɗanda ake ƙirgawa biyu ne kacal: Jamus, da Birtaniya wadda ta koma shirin a matsayin ƙasar haɗaka daga 1 ga Janairu 2024. Saura ɗaya, kuma in aka tura a haka za a yi watsi da takardar ba tare da an ba ta maki ba. In kuka ƙaro wata cibiya daga Tunisiya, wadda ita ma ƙasar haɗaka ce duk da tana Afirka, an cika. To yanzu a ce ta Jamus ta janye, kuka maye gurbinta da ta Norway. Kuna da uku daga ƙasashen haɗaka, amma babu ko ɗaya daga cikin Tarayyar kanta, kun sake faɗuwa. Saboda haka a shafinka kada ka tsaya ga kwafo dokar. Ka rubuta hukuncin a kan halin da kuke ciki: "Muna iya karɓar kuɗi. Gamayyarmu a yau tana da biyu cikin uku da ake ƙirgawa, muna buƙatar ƙarin ɗaya." Wannan layin shi Darakta zai yi aiki da shi.

Daga nan ka koma ga keɓantattun sharuɗɗan maudu'in. Wasu maudu'an da aka nufi Afirka da su sukan wajabta a sami adadi kaza na hukumomin Afirka a cikin gamayyar, kuma nan ne darajarku ke ƙaruwa a idon Turawa, don ba su iya shiga sai da ku. Wasu kuma akasin haka, sukan taƙaita shiga ga ƙasashen Tarayyar da wasu 'yan ƙasashe da aka lissafa, saboda dalilan tsaro ko muradin tattalin arziki. In ka ci karo da irin wannan, taƙaitawarka ta ƙare a layi uku, ka kuma ceci mutane daga wahalar wata biyu. Ka lura da kalmomin Ingilishin da aka yi amfani da su, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne. Inda aka rubuta must a ƙarƙashin sharuɗɗan cancanta, wajibi ne, rashinsa kora ce. Inda aka rubuta should a bayanin aikin, ba za a kore ka ba, amma masu tantancewa za su rage maka maki. Inda aka ce encouraged, mustahabbi ne. Nakan sa wa kowane sharaɗi harafi ɗaya a gefe: W na wajibi, M na abin da ke taɓa maki, sai S na abin so. Mai taƙaitawa da ya fassara ukun duka da "ana buƙatar" ya ɓata aikin.

Akwai wani sharaɗi da ke tsorata mutanenmu ba gaira ba dalili, wato na mallakar tsarin daidaiton jinsi a rubuce. Wannan ya hau kan jami'o'i da cibiyoyin bincike da hukumomin gwamnati na ƙasashen Tarayyar da na haɗaka ne, bai hau kanku ba. Ka rubuta haka ƙarara, kada wani ya kafa kwamiti a kansa sati uku kafin rufewa.

Batun takardu ba shi da tsawo, amma yana saɓa wa abin da muka saba. A gida mun saba da tara takardun shaidar karatu, tarihin aikin kowa mai shafi ashirin, da wasiƙar goyon baya mai hatimi. A irin wannan kira na gamayya, abu biyu ne ginshiƙi. Part A fom ne da ake cikewa a kan dandalin: bayanan kowace hukuma, jadawalin masu bincike, kasafin kuɗi, tambayoyin ɗa'ar bincike, da taƙaitaccen bayanin aikin da bai wuce haruffa 2000 ba. Haruffa na ce, ba kalmomi ba, ka ja layi a ƙarƙashinsa. A nan ne kowace hukuma ke sa wallafe-wallafe ko makamantansu da ba su wuce biyar ba, da ayyukan baya su ma biyar. Part B kuma shi ne rubutun aikin, ana ɗora shi a matsayin PDF, a kan fom ɗin da aka sauko da shi daga cikin tsarin turawa na wannan maudu'in. Kada ku karɓi fom ɗin bara daga hannun wani aboki, don yakan canja.

Iyakar shafi tana cikin abin da za ka rubuta da manyan baƙaƙe. A shirin aikin 2023 zuwa 2024, iyakar ayyukan bincike na gamayya shafi 45 ce, 50 in tallafin na dunƙulallen kuɗi ne, wato wanda ake yanke kuɗin kowane rukunin aiki tun farko, 10 kuma a matakin farko na kira mai mataki biyu. Kai dai ka kwafo lambar da ke kan fom ɗin da ke gabanka, don tana sauyawa daga shiri zuwa shiri. Abin da ke faruwa da shafukan da suka wuce iyaka shi ne tsarin yana ɓoye su bayan an rufe, masu tantancewa ba sa ganinsu. Na taɓa zama da wata gamayya da ta wuce da shafi uku, suka ce ai ba komai, ƙarshen rubutu ne. Ashe ƙarshen nan shi ne bayanin ƙwarewar abokan aikin da rabon nauyi a tsakaninsu. Da sakamako ya fito, aibin da aka fi nanatawa shi ne ba a nuna wa zai iya yin me ba. Kuma ba a yin dabarar matse rubutu: girman harafi kada ya gaza 11, gefen shafi kada ya gaza milimita 15.

Ƙarin takardu sai wanda maudu'in ya ambata da suna. In na dunƙulallen kuɗi ne, akwai cikakken jadawalin kasafi na Excel da dole a ɗora, kuma shi ne ke cin lokaci fiye da yadda ake zato, domin kowace hukuma sai ta fitar da watannin aikin ma'aikatanta da kuɗinsu a kowane rukunin aiki. In akwai gwajin magani ko bincike a kan marasa lafiya, akwai fom na musamman. A gaban kowace takarda ka sa abu uku: wa zai samar da ita, a wane siffa, kwana nawa take ɗauka a jami'arku. Na ukun ba ya cikin sanarwar, kai za ka je ofishin kuɗi ka tambayo. Haka nan lambar PIC, lamba ce mai alƙaluma tara da kowace hukuma ke buƙata kafin a saka ta a takardar. Ka fara bincikawa a Participant Register, don jami'o'i da yawa suna da ita tuni, wani malami ya yi rajista shekarun baya ya tafi da sanin. Buɗe ta biyu rigima ce da za ta dawo muku a lokacin sa hannu.

Yanzu ga maki, inda nake so ka ɗan daɗe. Ma'auni uku ne, kuma haka za ka gan su a rubuce: Excellence, wato ingancin manufa da hanyar bincike, Impact, wato tasirin da sakamakon zai yi da hanyar kai shi ga masu amfani, sai Quality and efficiency of the implementation, wato tsarin aiki, kasada, rabon kuɗi da ƙarfin gamayya. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 5, ana iya ba da rabi. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa a kowanne shi ne 3, jimilla kuma 10 cikin 15. Ka lura, shingaye biyu ne. Wanda ya sami 3 da 3 da 3 ya tsallake kowane ɗaya amma jimillarsa 9, ya faɗi. Wanda ya sami 5 da 5 da 2.5 yana da 12.5, ya fi mutane da yawa, amma shi ma ya faɗi saboda na ukun. Ka sa misalan nan biyu a shafin, don su ne ke fahimtar da manyan malamai cewa ba za a zuba duk ƙarfi a hanyar bincike a bar sashen tasiri ga ɗalibi ya cike daren ƙarshe ba.

Sai ka duba nau'in aikin, domin yana canja lissafi. In RIA ne, wato aikin bincike da ƙirƙira, ma'aunan uku nauyinsu ɗaya, kuma ana biyan kashi 100 na kuɗin da aka amince da su. In IA ne, wato aikin ƙirƙira da ya kusa kai wa kasuwa, wajen jera takardu ana ninka makin tasiri sau 1.5, kuma kamfanoni masu neman riba kan sami kashi 70 ne, jami'o'i kuwa 100. Dubi bambancin. Takarda ta farko ta sami 5 a inganci, 4 a tasiri, 4 a aiwatarwa. Ta biyu ta sami 4, 5, 4. Duka jimillarsu 13. A RIA sun yi kunnen doki, kuma in aka zo raba gardama da maki, ta farko ce gaba saboda inganci ake fara dubawa. A IA kuwa ta farko ta koma 15, ta biyu 15.5, ta biyu ta wuce. Haruffa biyu ko uku a saman shafin maudu'in su suka juya sakamakon. In kuma kiran mai mataki biyu ne, a matakin farko inganci da tasiri kawai ake dubawa, kuma shingen kowanne 4 ne. Wasu daga cikin irin waɗannan kira ana tantance matakin farkonsu ba tare da sanin masu nema ba, ambaton sunan jami'arku a cikin rubutun kan sa a ƙi karɓarsa. In ka ga haka, wajibi ne, ya hau saman shafi.

Tsallake 10 ba shi ne samun kuɗi ba, kuma taƙaitawa mai gaskiya dole ta faɗi wannan. Shafin maudu'in yana ba da jimillar kuɗin da aka ware da kuma abin da ake sa ran ba kowane aiki. Raba su. In an ware yuro miliyan 10, ana sa ran kowane aiki ya ci miliyan 5, to ayyuka biyu za a ɗauka a duk duniya. Layin "ayyuka biyu kacal" ya fi shafi guda na bayani amfani ga Darakta. Kuma takarda ana tantance ta ne yadda aka turo ta. Ba wanda zai kira ku ya ce ku gyara kaza mu ba ku.

Abu na ƙarshe a wannan sashe, wanda ni a ganina shi ne ke raba mai taƙaitawa na gaske da mai kwafe: ma'aunin tasiri ba ya tsayawa shi kaɗai, ana auna shi ne da sashen Expected Outcome na maudu'in. In an jera sakamako huɗu aka ce aiki ya taimaka wa dukkansu, ka kawo huɗun a taƙaice da Hausa ko Ingilishi mai sauƙi, ka rubuta "duka". In an ce wasu daga ciki, ka rubuta "wasu". Sannan a gaban kowanne ka sa sunan sashen jami'ar da zai iya ɗaukarsa, ko ka bar gurbi. Gurbin da ka bari shi ke nuna irin abokin da ya kamata a nemo.

Wa'adi kuma, kada ka rubuta rana kawai. Kiraye-kirayen nan suna rufewa da ƙarfe 17:00:00 agogon Brussels, kuma tsarin ba ya jin roƙo. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, agogon Brussels daidai yake da na Najeriya da Nijar. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa suna gaba da mu da awa ɗaya, don haka biyar ɗinsu ƙarfe huɗu ne a Kano ko Zinder, ƙarfe uku a Kumasi. Wani abokin aikina ya taɓa fita sallar La'asar a watan Afrilu da niyyar in ya dawo ya aika wa jagoran gamayya gyaran kasafin ƙarshe, yana ganin akwai sauran awa guda. Ya dawo ya tarar an rufe. Allah ya sa jagoran ya riga ya tura tsohon kwafi tun jiya, aka tafi da kasafin da bai gyaru ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata ya kasance a shafinka: ana iya turawa sau da yawa kafin rufewa, kowane sabo yana shafe na baya. Jagoran gamayya ne kaɗai ke danna Submit, don haka ranar da ta shafe ku ba ta Brussels ba ce, ta jagoran ce. Mu ɗauka an ce za a rufe 16 ga Satumba. Na saba lissafi da baya kamar haka: turawar farko cikakkiya ta kasance 12 ga wata, don a sami kwanakin gyara in wuta ko sabis suka yi halinsu. Jagora zai so komai naku a hannunsa wajen 2 ga Satumba. Kafin nan ofishin kuɗi da na shugaban jami'a sai sun ga kasafin, in hakan na ɗaukar sati biyu a wurinku, to 19 ga Agusta ya kamata ya bar teburinku. Lambar PIC da tabbatar da abokin na uku kuwa aikin watan Yuli ne. Ka ga ranar da aka buga a sanarwa ɗaya ce, amma shafinka zai ɗauki biyar, kuma wadda za ka yi wa ja ita ce mafi kusa. Ka ƙara layi ɗaya kan abin da ke biyo baya: sakamako kan fito cikin wata biyar daga rufewa, sa hannu a yarjejeniya cikin wata takwas, don kada wani ya tsara fara aikin gona ko na asibiti a watan da kuɗi ba su zo ba.

A saman shafin ka rubuta lambar maudu'in harafi da harafi, da ranar da ka yi taƙaitawar. Sannan duk sati ka leƙa sashen Topic updates da na tambayoyi da amsoshi a shafin, domin a nan ake sanar da ɗage rana, sauya fom ko fayyace wani sharaɗi. In wani abu ya canja, ka gyara shafin, ka sauya ranar da ke sama, ka sake tura wa Darakta da layin da ya canja a ja masa layi. Kafin ka miƙa na farkon ma, ba wani abokin aiki da bai taɓa ganin sanarwar ba, ka tambaye shi abu huɗu: za mu iya shiga, me ya rage mana, ina ake faɗuwa, yaushe namu zai bar nan. Duk wadda ya yi jim kafin ya amsa, koma ka gyara layinta.